Gashina ya zube a wuri ɗaya kamar an zana da kwabo: in sayi man da ake talla?

Tambaya: Anti, barka da aiki. Sati uku da suka wuce mai aski ya nuna min wani wuri a ƙeyata da gashi ya zube, zagaye kamar tsohon kwabo, sumul, ba ƙaiƙayi ba ciwo. Yanzu wani ƙarami ya fito a gemuna. Aurena saura wata huɗu. Wata mai talla a waya ta ce tana da haɗin man ganye, kwalba uku naira 35,000, wai sati biyu gashi ya dawo. In tura kuɗin? Daga wani tela a Zariya.

Ƙanena, riƙe kuɗinka. Ka kuma kwantar da hankalinka, don abin da ka kwatanta ya yi kama da cutar da likitocin fata ke kira alopeshiya ariyata, kuma a cikin cututtukan zubar gashi tana cikin masu rangwame. Na ce ya yi kama ne, don ban ga kanka ba.

Ga abin da ke faruwa a ƙarƙashin fatar. Kowane silin gashi yana da saiwa da ke binne can ciki, kuma a ƙa'ida garkuwar jiki ba ta kula wannan saiwar. A wannan cutar sai wasu daga cikin fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu yaƙar cuta ne, su ɗauki saiwar gashi a matsayin baƙuwa, su yanyame ta. Idan aka yanki ɗan fatar wurin aka duba a madubin likita, za a gan su sun taru a gindin gashin kamar ƙudan zuma. Gashin da ke tsakiyar girma sai ya tsaya, ya yi rauni, ya karye ya faɗi. Amma saiwar ba ta mutu ba, tana nan da ranta, an dai hana ta aiki. Shi ya sa fatar wurin take sumul babu tabo, shi ya sa kuma gashin ke iya dawowa ko bayan dogon lokaci. Kusan mutum 2 cikin 100 na haɗuwa da ita a rayuwarsu, galibi tun da ƙuruciya, kuma tana bin dangi a wasu gidajen.

Ka sa wani ya haska maka wurin da fitilar waya ya duba bakin da'irar. Sau da yawa za a ga gajerun gashi da suka karye, samansu da kauri, gindinsu siriri, kamar alamar motsin rai a rubutun boko. Ka duba farcenka ma, ko akwai ƙananan ramuka kamar an tsattsaga da tsinin allura. Waɗannan biyun suna ƙara nuna ita ce. Idan kuwa ka ga fari-fari kamar amosani, ko ƙuraje, ko fatar ta yi sheƙi kamar tabon ƙuna, to wata maganar ce daban.

Kuɗin nan ka kai su inda za su yi aiki. Ka yanki kati a sashen fata na babban asibiti, ga Asibitin Koyarwa na Shika nan kusa da kai. Ga baligi mai wuri ɗaya ko biyu, abin da aka fi yi shi ne allurar triamcinolone, wani nau'in sitiroyid, wato maganin da ke kwantar da garkuwar jiki, a cikin fatar wurin kanta, ɗigo kaɗan-kaɗan da tazarar kamar santimita 1, a maimaita bayan sati 4 zuwa 6. A gemu akan rage ƙarfinta fiye da na kai. Idan ta karɓe ka, cikin wata ɗaya zuwa biyu za ka fara ganin tsiro. Kada ka firgita in ya fito fari kuma laushi kamar gashin jariri, haka yake farawa kafin ya yi baƙi. Wata huɗu lokaci ne mai kyau in ka je a satin nan, ko da yake ba wanda zai ɗaukar maka alkawari. In likita ya ga dama zai duba maka tayiroyid, wannan halittar ta maƙogwaro, don wani lokaci ciwonta da wannan cutar sukan zo tare. Kafin nan, ka sa mai aski ya rage gemun sosai, hula kuma ta rufe ƙeya. Ita amarya ka gaya mata da bakinka, cutar ba ta yaɗuwa.

Yanzu bari in juya kan mai man ganye, don na daɗe ina cike da su.

Sirrin kasuwarsu ɗaya ne: wannan cutar takan warke da kanta. Mutane da yawa masu ɗan wuri ɗaya gashinsu na dawowa cikin shekara ko ba su shafa komai ba. To in ka sayar wa mutum goma man gyaɗa da ka zuba wa kala, dole wasu su dawo da gashi, su turo maka hoto da godiya. Hoton nan shi za a liƙa a talla. Waɗanda ba su ga komai ba kuwa, a ce musu ba su kai kwalba ta huɗu ba. Ka yi tunani kuma, faɗan a gindin gashi ake yinsa, can cikin fata, tsakanin garkuwar jiki da saiwa. Man da ka shafa a sama yana laushin gashin da ke nan, amma ba ya sasanta wannan rikicin. Maganar sati biyu kuma, gashin kai na lafiyayye ma abin da yake yi a wata bai wuce santimita 1 da ɗan kai ba. Wane tsiro za a gani a kwana 14 da zai rufe kwabo?

Da a ce asarar kuɗi ce kawai, da da sauƙi. Kwalbar da ba ta da jerin abin da ke ciki, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa, ba sunan wanda ya haɗa, ba ka san me kake shafawa ba. Wasu ana zuba musu sitiroyid mai ƙarfi a ɓoye don a ga aiki da wuri, mutum ya yi ta shafawa wata da watanni ba ƙa'ida, fata ta yi siriri, ta yi haske, ƙuraje su feso. Na taɓa ganin wani saurayi da aka ce ya daka tafarnuwa ya ɗaure a wurin ya kwana da ita. Da safe fatar ta tashi ta yi ruwa kamar an zuba mata tafasasshen ruwa, da ta warke kuma ta bar baƙin tabo. Ka ga wurin da gashi zai iya dawowa da kansa, an je an ƙona shi. Idan ƙuna ta yi zurfi ta kashe saiwa, babu allurar da za ta dawo da ita. Haka masu tsaga wurin da reza su goga wani abu. Don Allah a bari.

Kuma kada wani ya karanta sunan allurar da na ambata ya nufi kyamis a yi masa. Na san halinmu. In aka zurfafa ta ko aka yi yawa, wurin yakan lotsa, a baƙar fata kuma ya bar farin tabo da kan ɗauki watanni kafin ya koma. In aka ɗirka maka ita a ɗuwawu kuwa duk wata, sai ta bi jiki gaba ɗaya, tana iya tayar da suga da hawan jini.

Tambaya: Anti, ɗana mai shekara 7 gashinsa na zubewa wuri-wuri, da fari-fari a kai, yana ta susa. Na sayi kirim ɗin nan mai haɗin uku, ya lafa ya dawo. In canza wani? Daga wata uwa a Gusau.

'Yar uwa, sannu, na san yadda hankalin uwa ke tashi. Na ɗanki ya fi kama da makero, ba irin na telan Zariya ba. Susa, da ɓawo-ɓawo, da gashin da ya kakkarye ya bar ɗigo-ɗigon baƙi, ga kuma shekarun yaron, duk can suka nuna. Ki taɓa bayan kunnensa da ƙeyarsa, ƙila ki ji kaluluwa. Makeron kai naman gwari ne da ke shiga cikin silin gashi, kirim ba ya isa can, sai maganin sha kamar griseofulvin na sati 6 zuwa 8, wanda likita zai auna da nauyin yaro. Kirim ɗin da kika saya akwai sitiroyid a ciki, shi ke kwantar da susar ki ɗauka an warke, alhali cutar na ƙara bazuwa. Ki ajiye shi. Ki duba kan 'yan uwansa, a raba musu mataji da hula da matashi, a kuma saya masa nasa injin aski in da hali. Wannan kam yana yaɗuwa.

Tambaya: Abokina na da irin wannan zubar gashi mai zagaye. In daina zuwa shagon askin da yake zuwa? An ma ce jifa aka yi masa.

In dai alopeshiya ariyata ce, ko hularsa ka sa ba za ka ɗauka ba. Maganar jifa kuma, ka yi masa addu'a, ka raka shi asibiti, ka daina yawo da zancen. Mutum na fama da kansa kuna ƙara masa da tsegumi.

Tambaya: Anti, nawa ya wuce shekara biyu, rabin kaina ya tafi har da gira. Na ji akwai sabuwar ƙwaya a ƙasar waje, wani ya ce zai kawo min. In saya? Daga wata malamar makaranta a Maraɗi.

Gaskiya ne akwai ta, 'yar uwa. A shekarar 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da baricitinib don masu irin taki mai tsanani, a 2023 kuma ta amince da ritlecitinib har ga 'yan shekara 12 zuwa sama. Suna toshe saƙon da ke tunzura ƙwayoyin garkuwar jiki kan saiwar gashi, kuma wasu sun samu gashi sosai, amma ba kowa ba, kuma sai an yi watanni. Matsalar ita ce suna sassauta garkuwar jiki gaba ɗaya. Kafin a fara dole a gwada ki tarin fuka da ciwon hanta, a riƙa bin jininki da gwaji, kuma ba a sha da ciki. A yankinmu da tarin fuka bai ƙare ba, shan su a ɓoye ganganci ne. Ga tsada, kuma in kika daina, galibi gashin ya sake zubewa. Ki yi lissafin shekara kafin ki fara, kada ki tsaya a na wata ɗaya. Ƙwayar da ta biyo jakar matafiyi kuwa, wa zai tabbatar miki ta gaske ce? Ki fara ganin likitan fata, a Yamai ko a Kano in ya fi miki sauƙi. Kafin nan, in za ki kashe kuɗi, ki sayi hular gashi mai sauƙi wadda ba a liƙawa da gam, da ɗankwali mai laushi, da fensirin gira. Kuma ki riƙa rufe kan daga rana, fatar da ba gashi saurin ƙonewa gare ta.