Takardar tallan sabon shagon ɗinki a Jidda

«Zan buɗe shagon ɗinki a kasuwar Bab Makka, me ya kamata in rubuta a takardar talla?»

Malam, Allah ya sa albarka. Mai wucewa a Bab Makka bayan sallar Isha'i ba zai tsaya karatu ba, saboda haka layin sama ya faɗi aikin da kake yi da manyan haruffa, sunan shago ya biyo baya. Ga misali: «Ana ɗinka babbar riga, kaftani da jallabiya, da aikin wuya na hannu da na keke. Gyaran tsawo da faɗi a rana ɗaya.» Wannan layi na gyara shi ne zai fara kawo maka mutane, domin masu sayen jallabiya ɗinkakkiya a kasuwar suna da yawa, kuma sau da yawa hannu ko tsawo ba ya yi musu daidai.

Ka buga gefe ɗaya da Hausa, ɗayan da Larabci, tunda yaranmu da aka haifa a nan sun fi karanta Larabci. Wajen kwatance, ka ambaci masallaci ko shagon da kowa ya sani kusa da kai, sannan lambar waya da lokacin buɗewa.

Kada ka rubuta «mafi araha», ka sa farashin ɗinki ɗaya da riyal, ka bayyana ko da yadi ne ko babu, domin a nan ake yawan samun saɓani da mai kaya. Idan buɗewar ta kusanci azumi, ka rubuta ranar ƙarshe ta karɓar ɗinkin sallah.