Na samu aiki a wani wuri: yaya zan janye neman da na yi ba tare da ɓacin rai ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na nemi aikin akanta a wurare biyu a nan Kano. Wani kamfanin rarraba magunguna ya ɗauke ni, zan fara farkon wata. Jiya kuma wani asibiti mai zaman kansa ya kira ni ganawa ta biyu ranar Alhamis, kuma kawuna ne ya kai musu takarduna da hannunsa. Ƙawayena sun ce in yi shiru kawai, su da kansu za su gane. Ni dai hankalina bai kwanta ba, ina tsoron in ba kawu kunya. Me zan rubuta, kuma wa zan aika wa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sanya alheri, ya sa abin da aka daɗe ana jira ne. Kafin ki taɓa biro, ki duba abin da ke hannunki daga kamfanin nan. Idan takardar ɗauka ce mai ɗauke da muƙami, albashi da ranar farawa, kin sa hannu kuma kin riƙe kwafinki, to ki janye daga asibitin yau ɗin nan. Idan kuwa baki ne kawai, an ce "ki zo ranar ɗaya ga wata, takarda za ta biyo baya", kada ki janye tukuna. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba mai ɗaukar aiki har wata uku bayan fara aiki kafin ya miƙa rubutattun sharuɗɗa, wasu kuwa da wannan suke fakewa su yi ta jan mutum. Ki roƙe su su rubuto miki, ko da ta imel ne, ki amsa a rubuce. Sai wannan ta tabbata za ki saki ɗaya hannun.

Daga nan sai kawu, kuma shi ne farko, kafin asibitin. Ki je gida ki same shi, ko ki kira shi idan tafiyar ta yi nisa, amma ba saƙon waya ba. Ki ce masa: Kawu, Allah ya kawo wani aikin kafin nasu ya faɗa, na riga na sa hannu, ina so in rubuta musu yau amma ban so su riga ka ji ba. Babu abin da ke ƙona ran dattijo irin ya ji labarin 'yarsa a bakin abokinsa. Mai yiwuwa ya ce ki bari shi zai gaya musu. Ki yi masa godiya, amma ki rubuta duk da haka, domin shi abokinsa zai gaya wa a bakin masallaci, ita kuwa jami'ar da ke riƙe da jerin sunaye ba za ta ji ba sai ranar Alhamis ɗin.

Wasiƙar kanta ba ta wuce jimla huɗu ko biyar ba. Ga yadda zan so in gan ta a teburina:

*Zuwa ga Shugabar Sashen Kula da Ma'aikata,*

*Janye neman aikin akanta*

*Ina rubuto wannan ne don in janye takardar neman aikin akanta da na shigar ranar 3 ga Maris. Na karɓi wani aiki a wani wuri, saboda haka ba zan samu halartar ganawar da aka sa mini ranar Alhamis, 20 ga Maris ba. Ina godiya da lokacin da kuka ba ni da kuma karramawar da aka yi mini a ganawar farko. Ina yi wa asibitin fatan samun wanda ya dace da wannan gurbi.*

Sai cikakken sunanki kamar yadda yake a takardar neman, da lambar wayarki, da lambar neman aikin idan sun ba ki. Ki sa ranakun gaskiya a madadin nawa. Da harshen da kika nema za ki janye: idan da Turanci kika rubuta tun farko, ki mayar da waɗannan jimlolin Turanci, kan saƙon ya zama `Withdrawal of Application` sai muƙamin da sunanki. Ki aika wa wanda ya gayyace ki, a cikin saƙon gayyatar nan ɗin, don kada ya ɓace. Da yake saura kwana kaɗan, ki bi shi da kiran waya na minti ɗaya a lokacin aiki: na aiko da saƙo, ina so in tabbatar ya iso.

Ki lura da abin da babu a ciki. Babu sunan kamfanin da ya ɗauke ki, babu albashin da suka yanka miki, babu ƙorafin cewa an bar ku zaune awa uku a ganawar farko, babu kuma ban haƙuri layi biyar. Ba laifi kika yi ba, mai neman aiki yana da damar ya fasa. Idan sun kira suna tambayar ina kika koma, ki ce wani kamfani ne a nan cikin gari, ki tsaya nan.

Yanzu bari in dawo kan shawarar ƙawayenki, domin ita ce take ci mini tuwo a ƙwarya shekara da shekaru a wannan aiki na ɗaukar ma'aikata. Wai shiru ma amsa ce. A zancen aure wataƙila, amma a ofis shiru ba ya nufin komai sai "tana nan tafe". Mu ba ma cire suna saboda waya ta ƙi shiga. Muna ɗauka babu caji, ko sabis ne ya ɗauke, ko rasuwa aka yi, sai mu ci gaba da riƙe wa mutum kujerarsa.

Bari in ba ki abin da ya faru a gabana a wata makaranta da na yi wa aikin tantance ma'aikata. Gurbin mai kula da kuɗi ne guda ɗaya. Muka tace takardu muka fitar da mutum biyar, muka ajiye na shida a gefe domin kwamitin ya ce ba zai iya ganin fiye da biyar a yini ba. Cikin 'yan kwamitin akwai mai binciken kuɗi da ya taso daga Zariya tun da asuba, kuma makarantar ce ta biya masa kuɗin mota. Mutum biyu ba su zo ba. Muka jira na farko minti arba'in, muka kira, wayar na ƙara ba a ɗauka. Daga baya muka ji dukansu sun kama aiki tun makon da ya wuce. Cikin ukun da suka zo babu wanda ya gamsar, dole aka sake sa rana bayan mako biyu. Da muka nemi na shidan nan, wanda a gaskiya takardunsa sun fi na wasu daga cikin biyar ɗin, ya riga ya fid da rai ya koma garinsu. Da ɗaya daga cikin su biyun ya turo layi uku ranar Litinin, da wannan bawan Allah ya zauna a kujerar ranar Laraba. Shi ne wanda shirun ya cuta, kuma har gobe bai san wanda ya cuce shi ba.

Masu ba da wannan shawara suna kawo hujja biyu, kuma duka biyun ba su da ƙafa. Ta farko wai kunya: yaya zan ce wa manya ba na so? Ƙanwata, wace kunya ce ta kai a tara dattawa huɗu a ɗaki suna kallon ƙofa, ana kiran sunanki sau uku, sannan a juya a ce ai 'yar wane ce? Wannan ba kawaici ba ne, ɗora wa wasu nauyin da kika ƙi ɗauka ne. Ta biyu ta fi ba ni haushi, wai idan ka yi shiru ƙofa tana nan a buɗe, in sabon wurin bai yi daɗi ba sai ka dawo ka ce ba ka da lafiya ne. Akasin haka ne yake faruwa. Wadda ta rubuto ta janye, fayil ɗinta yana rufuwa da kalmar "ta janye", kuma idan gurbi ya sake buɗuwa bayan shekara irin waɗannan fayilolin muke fara jawowa, tunda an riga an tantance su. Wadda ta ɓace kuwa, abin da ake rubutawa a gefen sunanta shi ne "ba ta zo ba, ba ta sanar ba". Ni da kaina na sha rubuta shi. Masu wannan aiki a gari ɗaya kuma ba su da yawa, sun san juna, suna sauya wuraren aiki, suna tambayar juna. Jami'ar da kika bari tana kiran waya yau, ita za ki iya tararwa a kan teburin wani kamfani nan da shekara uku.

Akwai kuma masu cewa ki je ganawar kawai, ki ga nawa za su bayar. Idan da gaske zuciyarki tana iya komawa asibitin, wannan wata magana ce daban, kuma sai ki fara karanta abin da takardar da kika sa wa hannu ta ce game da sanarwar barin aiki. Amma idan kin san ba za ki karɓa ba, zuwan cin amanar lokacin mutane ne, kuma ya fi muni ga kawu, domin za su iya zaɓenki su sallami sauran, sannan ki ce a'a. Ba a tauna taura biyu. Haka nan ƙaryar rashin lafiya ko tafiya: Kano da girmanta, ba a wata guda wani bai gan ki a bakin sabon ofis ba. Alkawari ne kika ɗauka ranar da kika ce za ki zo, kuma mun san matsayin alkawari a addini da al'ada. Warware shi da sanarwa halal ne, barinsa a rataye shi ne abin da ba ya kyau.

Ki shirya wa abu ɗaya: suna iya kiranki su ce za su ƙara kuɗi. Ki yanke shawara tun kafin wayar ta yi ƙara, don kada ki tsaya inda-inda. Amsar ita ce, na gode ƙwarai da wannan karamci, amma na riga na ba da kalmata a can. Kada ki ce "zan yi tunani" alhali kin gama tunanin, don hakan zai sa su sake riƙe gurbin kwana uku a banza.

Idan kin bar musu asalin wata takarda, ta jami'a ko ta hidimar ƙasa, abin da bai kamata a taɓa bari ba tun farko, ki ƙara jimla ɗaya a wasiƙar cewa za ki zo karɓa ranar kaza, ki je da kanki ki sa hannu a littafinsu. Kwafi kuwa ki bar musu. Ki ajiye saƙon da kika aika da amsarsu idan sun amsa, ki nuna wa kawu, don idan abokinsa ya taso da zancen ya san abin da aka rubuta da ranar da aka aika.