Hutun haihuwa a kamfani mai zaman kansa: sati nawa zan rubuta a takarda?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani kamfanin shinkafa a yankin Kura, ni ce mai rubuta rasit a ofis, na fi shekara a wurin. Ina da juna biyu, asibiti sun ce wajen 20 ga Oktoba zan sauka in Allah ya so. Yayata tana aikin gwamnatin tarayya ta ce sati 16 ne haƙƙina da cikakken albashi, wata ƙawata kuma ta ce yanzu wata shida ake bayarwa. Wanne zan sa a takardar neman hutu? Sun ba ni wani ɗan littafi lokacin da aka ɗauke ni amma gaskiya ban taɓa buɗe shi ba.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya raba lafiya. Kada ki sa ko ɗaya daga cikin biyun tukuna, ki fara nemo littafin nan ko da yana ƙasan akwati ne, ki haɗa shi da takardar ɗaukar aikin da kika sa wa hannu, a cikinsu amsarki take.

Yayarki ba ƙarya ta yi miki ba, sati 16 da cikakken albashi shi ne abin da dokokin aikin gwamnatin tarayya na 2008 suka tanada kafin a sabunta su, amma na ma'aikatan tarayya ne. Wata shida ɗin ma akwai shi, jihohi irin su Legas da Kaduna sun ba ma'aikatansu mata, shi ma ma'aikatan waɗannan gwamnatocin ne kawai ya shafa. Ke kamfani mai zaman kansa ne ya ɗauke ki, babu ɗaya da ya hau kansa. In kika rubuta "kamar yadda doka ta tanada ina neman sati 16", mai kula da ma'aikata zai duba ya ga babu wannan a tsarinsu, ya dawo miki da takardar ko ya ajiye ta a durowa, kuma daga ranar duk abin da kika ce haƙƙinki ne sai an yi miki kallon shakka ko da kina da gaskiya. Wannan ne ya fi damuna, don na sha ganin mace tana da haƙƙinta tsaf amma an ja mata rai saboda ta kafa hujja da dokar da ba tata ba.

Abin da ya hau kan kamfaninku abu biyu ne. Akwai dokar ƙwadago ta Najeriya, ita ce mafi ƙaranci, ba a yarda a gaza ta ba. Sai littafin ma'aikata da takardar ɗaukar aikinki, su suna iya ƙara miki a kan abin da doka ta ce amma ba za su rage ba. Sashe na 54 na dokar shi ne naki, kuma mai aikin rubutu a ofis irinki tana cikin waɗanda dokar ta shafa. Ya ce in kika kawo takardar likita mai rajista da ke nuna ana sa ran za ki haihu cikin sati shida, kina da ikon barin aiki, bayan haihuwa kuma ba a yarda a sa ki aiki ba sai an yi sati shida, jimla sati 12 ke nan. Kuɗi kuwa aƙalla rabin albashi ne, da sharaɗin kin yi wata shida ko fiye kina aiki da su ba yankewa kafin tafiya hutun, ke kin wuce wannan. Kuma ba za a ba ki takardar kora ba kina cikin hutun.

To yanzu buɗe littafin. Ba sai kin karanta shi daga bango zuwa bango ba, duba jerin abin da ke ciki a farko ki tafi babin hutu, ki riƙe biro da takarda. Abu na farko da za ki kwafa shi ne tsawon hutun da ainihin kalmar da suka yi amfani da ita, sati ne ko wata ko kwana, in kwana ne kwanakin aiki ne ko har da Asabar da Lahadi. Mutane suna raina wannan suna cewa ai sati 12 da wata uku duk ɗaya ne, ba ɗaya ba ne. Sati 12 kwana 84 ne. Wata uku in kika fara daga 22 ga Satumba zai kai ki 21 ga Disamba, kwana 91 ke nan, sati guda cur a tsakani. Wadda littafinta ya ce sati 12 ta lissafa wata uku a ranta, ranar da ta dawo za ta tarar an rubuta mata fashin sati ɗaya, wataƙila har da kweri da yankan albashi, ga jariri a baya.

Mu ɗauka littafinku ya ce sati 12, kuma ya bar miki zaɓin ranar farawa, misali ne nake yi, naki za ki duba. In kika tafi sati shida kafin ranar da asibiti suka ba ki, za ki fara 8 ga Satumba, hutu ya ƙare 30 ga Nuwamba, ki koma 1 ga Disamba. A takarda ya yi daidai. Amma haihuwa ba ta bin kalanda, sau da yawa takan wuce ranar da aka sa. A ce sai 30 ga Oktoba kika sauka, to ranar 1 ga Disamba ko arba'in ba ki yi ba, kina tsaka da wankan jego, in gida kika tafi ma ba a maido ki ɗakinki ba. Doka tana bayanki a nan don sati shidan bayan haihuwa daga ranar da kika haihu ake ƙirga su, za su kai ki wajen 11 ga Disamba, amma sai kin sake rubuta takarda kin haɗa da shaidar ranar haihuwa, sannan a fara muhawarar ko za a biya waɗannan ƙarin kwanakin. Shi ya sa ni in lafiyarki ta yarda kuma likita bai hana ba, na fi son ki fara sati huɗu kafin ranar, wato 22 ga Satumba, hutu ya ƙare 14 ga Disamba ki koma 15. Ko an yi jinkirin kwana goma kin cika arba'in a cikin hutunki. Amma fa wasu littattafan sukan ƙayyade lokacin da dole a fara, in naku ya ƙayyade shi za ki bi.

Sai maganar kuɗi, a nan ki karanta a hankali har sau biyu. In an rubuta cikakken albashi, alhamdulillahi, shi za ki ambata a takardarki, kada ma ki kawo zancen rabin da ke cikin doka don kada ki tuna wa wani abin da zai rage miki. In an rubuta rabi, to ki san da shi tun yanzu, mai ɗaukar dubu 80 za ta riƙa ganin dubu 40 ne a daidai lokacin da hidimar suna da kayan jariri suka taso, gara ke da maigida ku tsara tun da wuri. Ki kuma lura ko albashin da suke nufi gundarin albashi ne ko har da alawus, don wani wurin kuɗin mota da na abinci sukan tsaya ranar da mutum ya daina zuwa. Akwai littattafan da ke cewa cikakken albashi sai wadda aka tabbatar da ita a aiki, to ki duba ko an taɓa ba ki takardar tabbatarwa bayan zaman gwaji, don shekara ɗaya a wuri ba ita ce takardar ba, in ba a ba ki ba ki tambaya yanzu kafin ki miƙa takardar hutu.

Hutun shekara ma ki duba me aka ce a kansa. A tsarin tarayya na 2008 da yayarki ke magana, hutun shekarar da aka haihu ana lissafa shi ne a cikin hutun haihuwar, kamfanoni kuma kowa da nasa, wani ya haɗe su wani ya bari ki ɗora shi a ƙarshe. In naku ya yarda a ɗora, ki nema a fili a layi daban da adadin kwanakin da suka rage miki, kada ki cakuɗa su ki ce kina neman sati 14 kawai, don wanda zai sa hannu zai ga lambar da babu ita a littafi.

Abu na ƙarshe a babin shi ne sanarwa, kwana nawa kafin tafiya ake so a rubuta, wa ake rubuta wa, ta hannun wa za ta bi, da ko akwai fom. In sun ce wata ɗaya kafin lokaci kuma 22 ga Satumba kike so, to takardarki ta isa ofis kafin 22 ga Agusta. Takardar likita kuma ki tabbatar likita ne ya sa hannu da hatimin asibiti, katin awo shi kaɗai ana iya ƙin karɓarsa tunda doka likita mai rajista ta ambata. Ki kuma kalli shekarar da ke bangon littafin ki tambayi ofis ko an fitar da sabo ko an yi wata sanarwa da ta canza babin hutu, kada ki kafa hujja da tsohon bugu.

Takardar kanta gajeriya ce. Ko da Turanci za a buga miki ita, ma'anarta kada ta wuce haka: ina neman hutun haihuwa na sati 12 bisa sashe kaza na littafin ma'aikata, daga 22 ga Satumba zuwa 14 ga Disamba, zan dawo aiki 15 ga Disamba, da albashi kamar yadda sashen ya tanada, ga takardar likita na haɗa. Ki rubuta lambar sashen da shafin daidai yadda suke, ki faɗi wanda zai riƙe littafin rasit a bayanki in an riga an tsayar da shi. Ba sai kin yi dogon roƙo ba. Ki yi hoton takardar, wanda ya karɓa ya sa miki hannu da kwanan wata a kan kwafinki, kuma kada ki tafi da "ba komai je ki" na baki, ki jira amincewa a rubuce, manaja yana iya canzawa kina gida.

In kuwa kika buɗe littafin kika ga babu hutun haihuwa a ciki sam, ko an rubuta abin da bai kai doka ba kamar sati shida ko hutu ba ko sisi, a nan ne za ki ambaci sashe na 54 na dokar ƙwadago a takardarki, cikin ladabi, ki nemi sati 12 da rabin albashi. In aka ƙi, ma'aikatar ƙwadago ta tarayya tana da ofis a Kano, ki je da kwafin takardar da aka sa miki hannu da takardar ɗaukar aikinki. Bayan kin dawo aiki kuma wannan sashen ya ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana a cikin lokacin aiki, ki duba ko littafinku ya ba da fiye da haka kafin ki rubuta neman sa.