Madogarar WhatsApp ba littafin karatu ba ce

Tambaya: Muna da zauren karatu a WhatsApp shekara biyu ke nan, a rana ana turo saƙo kusan 100, ga kuma sautin darussan malaminmu. Yanzu waya ta ce ma'ajiyata ta Google ta cika. In sayi ƙarin wuri ne, ko akwai wata hanyar da zan adana darussan don bita? (Daga wata ɗaliba)

Amsa: Malama, ki dakata da sayen tukuna, domin abu biyu ne a nan, kowanne da aikinsa.

Na farko shi ne Chat backup, wato madogarar hirarrakinki da WhatsApp ke ajiyewa a Google, wanda ke cinye miki wuri. Tun farkon 2024 ake lissafa shi cikin gigabait 15 da Google ke bai wa kowa kyauta, tare da wasiƙun Gmail da hotuna. Amfaninsa ɗaya ne: in waya ta ɓata ko ta lalace, ki dawo da hirarrakinki a sabuwa, da lambarki ɗin nan da asusunki na Google ɗin nan. Ba za ki iya buɗe shi ki karanta ba. Kuma duk sabon da ya hau yana maye gurbin na baya, don haka abin da kika goge yau, gobe babu shi a can ma. Kafin ki biya ko sisi, shiga Settings, sai Chats, sai Chat backup, ki kashe Include videos. Bidiyo ne ya fi komai nauyi.

Abin da mai bita ke bukata shi ne na biyun, wato Export chat. A wayar Android ki buɗe zauren, ki taɓa ɗigo ukun nan na sama, ki zaɓi More, sannan Export chat. Za ki samu fayil na rubutu zalla, kowane saƙo da ranarsa da lokacinsa da wanda ya turo shi, wanda kowace kwamfuta za ta buɗe.

To amma ga inda nake so ki natsu. WhatsApp ya sa iyaka: in kin zaɓi Without media, saƙonni 40,000 na baya-bayan nan za ki samu, in kin zaɓi Include media, 10,000 ne kawai. Mu yi lissafi da naku zauren. Saƙo 100 sau kwana 730 ya kama 73,000. Ke nan rubutu zalla zai ɗauko miki kwana 400 na ƙarshe, ya bar kusan wata 11 na farko, watanni da galibi a cikinsu aka ɗora harsashin karatun. Da sauti da hotuna kuwa, kwana 100 kacal. Abin da ya fi damuna shi ne fayil ɗin zai fito lafiya ƙalau, ki ajiye ki saki jiki. Saboda haka da zarar kin fitar, buɗe shi ki dubi ranar da ke layin farko. In ba ita ce ranar da kika shiga zauren ba, an yanke. Inda kuma kika ga `<Media omitted>`, sauti ko hoto ne aka tsallake.

Tsofaffin sautukan ba sai ta wannan hanyar ba. Duk wanda kika taɓa saukewa kuma ba ki goge ba yana cikin wayar, a nan:

```
Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Media
```

Ki haɗa waya da kwamfuta, ki kwafe WhatsApp Voice Notes da WhatsApp Audio da WhatsApp Documents gaba ɗaya. Sunan sautin yana ɗauke da ranarsa: `PTT-20240312-WA0005.opus` na 12 ga Maris 2024 ne, da haka za ki haɗa shi da bayanin da aka rubuta a ranar. Ki saurari biyu ko uku a kwamfutar kafin ki goge komai a waya. Tsohon rubutun da iyakar ta yanke kuwa, ki koma baya cikin zauren ki kwafo muhimman wuraren da hannu. Da wahala, amma sau ɗaya za ki yi.

Daga yanzu ki riƙa fitarwa duk wata uku, da Include media, tunda saƙo 9,000 bai kai iyaka ba. Kowane fayil ki sa masa sunan watanninsa.

Batun saye, ni a ganina filasha mai gigabait 32 ta fi miki biyan kuɗi duk wata, domin rubutu da sautin murya ba su da nauyi. Sai dai filasha tana mutuwa ba sallama, don haka ki bar kwafi ɗaya a kwamfuta. Kuma ki tuna fayil ɗin nan a buɗe yake, ɗauke da sunaye da lambobin abokan karatunki. Ki nemi izinin malam da 'yan zauren kafin ki tura wa wani na waje.