Girman fuli da tsawon bel: yadda ake lissafinsu

Tambaya: Ina da moton lantarki, an rubuta 1440 rpm a jikinsa, wato juyi 1440 a minti, fulinsa milimita 100 ne. Injin da zai ja yana son juyi 600 a minti. Wane girman fuli zan sayo wa injin, kuma bel mai lamba nawa? Daga tsakiyar shaf zuwa tsakiyar shaf milimita 400 ne.

Amsa: Malam, ka kyauta da ka karanto lambar jikin moton, domin da yawa 1500 suke ɗauka, alhali wannan ita ce juyin filin maganaɗisu, moton da ke ɗauke da kaya ba ya kai ta.

Bel ɗaya ne ya zagaye fulin biyu, saboda haka tsawon bel ɗin da ƙaramin ya tura a minti guda shi ne babban zai karɓa. Daga nan ƙa'idar ta fito:

`d × n1 = D × n2`

A nan `d` faɗin fulin moto ne, `n1` juyinsa, `D` faɗin fulin inji, `n2` juyin da kake so. Ka ninka 100 sau 1440, ka raba da 600, ka sami milimita 240. Sai dai girman da aka saba ƙerawa kusa da wannan su ne 236 da 250. Da 250 injin zai yi juyi 576, da 236 kuma 610. Ni 236 zan zaɓa, domin bel yakan ɗan sulɓe, ya cinye kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, sai ka tarar 610 ɗin ta sauko daidai wajen 600.

Inda nake so ka natsu shi ne wajen awo. Bel mai siffar V ba a bakin fuli yake hawa ba, cikin kwarin yake zama, kuma zaren da ke ɗaukar ja yana ɗan ƙasa da bakin. Faɗin wannan layin ake sakawa a lissafi. A fulin bel samfurin A, harafin da ke nuna faɗi da kaurin bel, ka auna baki zuwa baki ka rage kusan milimita 6. Idan 100 ɗinka awon baki ne, ainihinsa wajen 94 ne, kuma da fuli 236 injin zai tsaya wajen 574, ba 610 ba. A nan sai ka nemi 224. Ƙaramin fuli ne kuskuren ya fi yi wa illa, don haka ka sake auna shi kafin ka fita saye. Kada kuma ka yi sha'awar rage fulin moto ƙasa da milimita 75 don rage gudu. Bel samfurin A da aka tilasta wa lanƙwasa haka zai riƙa zafi, cikinsa ya tsattsage tun bai tsufa ba.

Tsawon bel kuwa, da `C` a matsayin tazarar shaf biyu:

`L = 2C + 1.57(D + d) + (D − d)² / 4C`

Da fuli 100 da 236, kashi na farko gefuna biyu ne miƙaƙƙu, 800. Na biyu rabin zagayen kowane fuli ne, 1.57 sau 336, wato kusan 528. Na uku ɗan ƙari ne saboda bel ɗin ya karkata tun da fulin ba girmansu ɗaya ba: 136 sau 136 a raba da 1600, kusan 12. Jimla milimita 1340.

Kada ka raba wannan da 25.4 ka ce ka sami lamba. Lambar da ke jikin bel, kamar A52, tsawon cikinsa ne da inci, kuma tsawon da muka lissafa ya fi na ciki da kusan milimita 30. A52 ciki 1321 ne, a lissafinmu ya zama wajen 1351; A51 kuma wajen 1325. Duk bambancin da aka samu, rabinsa ne moton zai matsa: A52 zai kai tazarar kusan 406, A51 ya dawo da ita 393. Ka duba ramukan ƙusar gindin moton ka zaɓi wanda zai bar maka wurin matso da shi don bel ya shiga ba tare da an banƙare shi da ƙarfe ba, ya kuma bar wurin ja baya idan ya saki bayan 'yan awoyin farko na aiki.

Tazararka ta 400 ta yi kyau, bel zai rungumi kusan digiri 160 na ƙaramin fulin, sama da 120 da ake gudun a sauka ƙasa da ita. Idan duk da haka ka ji yana ƙara lokacin tayarwa, ka leƙa kwarin: in ƙasansa ya yi sheƙi, bel ya nutse har ƙasa, fulin ya cinye ko samfurin bel ɗin bai dace da shi ba, kuma ƙara ɗaurewa ba zai yi komai ba sai lalata boris.