Ciwon agara: me ya sa hutu kaɗai ba ya warkar da shi?

Tambaya: Likita, ina gudu kullum bayan asuba, sai bayan ƙafata saman dunduniya ya fara ciwo. Na huta wata biyu ya lafa, ina komawa ya dawo. Me ke faruwa?

Amsa: Malam, agararka ce, jijiyar nan mai kauri da ta haɗa sha-raɓa da ƙashin dunduniya. Hutu ciwon kawai yake kwantarwa, jijiyar kuwa ƙara rauni take yi saboda ba ta ɗaukar nauyi, kai kuma ranar da ka koma sai ka ɗora mata irin gudun da, ai dole ta yi ƙara. Yawanci za ka ji wurin ya sandare in ka sauko daga gado, kuma in ka matsa sama da dunduniya da kamar yatsa biyu zuwa uku akwai zafi.

Maganinta aiki ne a hankali. Tsaya bakin matakala da gaban ƙafa, ka ɗaga dunduniya da ƙafa biyu, sai ka janye mai lafiyar ka sauko sannu da mai ciwon ita kaɗai. Sau 15, zagaye 3 gwiwa a miƙe, 3 a ɗan lanƙwashe, safe da yamma, har sati 12. Wani likita a Suwidin, Alfredson, ya fito da tsarin a 1998. Eh zai yi zafi, ba komai in bai wuce 5 cikin 10 ba, amma in ka tashi da safe ya fi na jiya to ka yi yawa, rage. Gudun ma ragewa za ka yi, ba sai ka daina gaba ɗaya ba. Mutanenmu sati uku suke yi su ce bai yi ba, gaskiya nan ake faɗuwa.

Tambaya: Ni ƙwallo nake bugawa Asabar da Lahadi, nawa a jikin ƙashin dunduniyar yake. In yi allura?

Amsa: A'a ɗan'uwa, allurar sitiroyid mai rage kumburi a wurin nan tana iya raunana jijiyar. Kai kuma a ƙasa za ka yi motsin, ba a matakala ba, don in dunduniya ta sauka ƙasa sosai jijiyar na matsuwa da ƙashin, ciwon ya ƙaru. Saka ɗan tudu cikin takalmi. In kana shan maganin nan sifuro na taifod ka gaya wa likitanka, yana taɓa agara.

Tambaya: Muna wasa na ji kamar an harbe ni ta baya, na waiga ba kowa. Yanzu ɗingishi nake.

Amsa: Wannan ba na atisaye ba ne, da alama tsinkewa ta yi. Kar iya takawa ya ruɗe ka. Kwanta rub da ciki wani ya matse maka sha-raɓa, in tafin ƙafar bai motsa ba to ta tsinke. Kar ka je wurin mai ɗori ya murza, tafi asibitin ƙashi yau ɗin nan.