Nawa zan sa kuɗin faranti? Amsar murya da aka rubuta wa 'yan guruf

Tambaya: "Anti, don Allah ki taimaka min. Wata uku ke nan ina sayar da abinci daga gida, kullum yana tafiya, amma ba na ganin kuɗin. Cefanen 24,000 nake yi, tukunyar tana ba ni faranti 40, ina sayar da kowane a kan 800. Ina matsalar take?"

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki samo biro da takarda kafin ki ci gaba da sauraro, don lissafi za mu yi. Sauran 'yan guruf, lambobin nata ne da kuma waɗanda zan ƙiyasta don misali, kowa ta cire ta sa nata.

Na san yadda kika yi. Kin raba 24,000 gida 40, kika samu 600, kika ce to idan na sayar 800 ina da ribar 200 a kowane faranti. Ni ma haka na fara, kusan shekara ina murna ina cin uwar kuɗina ban sani ba.

Mu fara da 40 ɗin nan. Kin taɓa ƙirgawa kuwa, ko da ido kika auna? Gobe in kin sauke tukunya, ki ɗauki ludayi ɗaya, shi kaɗai, ki riƙa zubawa kina ƙirgawa har ki kai ƙasa. Sau da yawa abin da ake kira 40 za ki tarar 35 ne, saboda wani ya kama ƙasan tukunya, kuma hannu yana sakewa idan mai saye wanda kika sani ne. A cikin 35 ɗin kuma, a ce mutanen gida sun ci uku, biyu sun yi kwantai. Saura 30. To wannan 30 ɗin da ita za ki yi lissafi, domin su kaɗai suka kawo kuɗi, su za su ɗauki nauyin waɗanda aka ci da waɗanda suka kwana. Kada ki dogara da ƙirgar rana ɗaya, ki rubuta na mako guda ki ɗauki tsaka-tsaki.

Yanzu duba: 30 sau 800 nawa ke nan? 24,000 daidai. Kin ga kuɗin cefanenki ne ya dawo, ko ɗigo bai ƙaru ba. Shi ya sa kullum kina da abin komawa kasuwa, sai ki ga kamar sana'a tana tafiya, amma ranar da gas ya ƙare sai kin ciro daga wani aljihun. Wannan ita ce alamar da ake ganewa: in sayen gas ko robar zuba abinci yana sa ki neman rance, farashinki bai kai ba.

To mu tattaro abin da bai shiga lissafin ba. Roba da cokali da leda, a ce 50 ne a kowane faranti, na 30 ya zama 1,500. Gas kuma, ki rubuta ranar da kika cika tukunyar gas ɗin da ranar da ta ƙare. In kin cika ta 18,000 ta yi miki girkin sana'a na kwana 12, kowace rana kina ƙona 1,500. In da ita kike girkin gida, sai ki ƙiyasta rabon sana'a, kada ki ɗora mata duka, kada kuma ki yafe mata. Kuɗin mota zuwa kasuwa da dawowa, 1,000.

Sai waɗanda ba kullum ake biya ba, su ne masu ɓuya: ruwa, wuta, sabulun wanke-wanke, data da katin waya da kike karɓar oda da su. Har kayan aiki suna ciki, domin suna tsufa. Kular da kika saya 24,000, in za ta yi shekara biyu, duk wata tana cin 1,000. Ki haɗa su duka na wata. A ce sun kama 13,000, kina girki kwana 26 a wata, kowace rana 500 ke nan.

Sai wanda mata suka fi jin nauyin rubutawa, wato ladan aikinki. Ke kika je kasuwa, kika yi yanke-yanke, kika tsaya gaban wuta, kika wanke tukwane. Ki tambayi kanki: da yau ba ki da lafiya, nawa za ki ba wata ta yi duk wannan? In 3,000 ne, ki rubuta 3,000. Wasu za su ce ai ribar ita ce ladana. A'a. Ladan aiki naki ne, ki ci ki sha. Riba ta sana'a ce, da ita za ki sayi babbar tukunya, da ita za ki tsaya ranar da abinci ya lalace. In kin haɗe su, duk ranar da kika ɗauki mai taya ki sai ki ga babu abin biyan ta.

Mu haɗa. Cefane 24,000, roba 1,500, gas 1,500, mota 1,000, na wata-wata 500, ladanki 3,000. Jimla 31,500. Raba gida 30, ya ba ki 1,050. Haka kowane faranti yake tsaya miki, ba 600 ba. Ke nan a 800 ɗin da kike sayarwa, duk wanda ya saya kina bin sa da kyautar 250.

A kan 1,050 ɗin za ki ɗora riba. In kin ɗora kashi 20 cikin 100, wato 210, ya zama 1,260, sai ki cike shi 1,300. Da wannan farashin, in kin cire 50 na roba, kowane faranti yana kawo 1,250, kuma sauran kuɗin da kika kashe a ranar 30,000 ne. Ke nan sai kin sayar da 24 kafin ki fita, daga na 25 riba take farawa. Ki riƙe wannan lambar a ka, da yamma kina ƙirga abin da ya tafi kin san yadda ranar ta kasance.

Na san abin da za ki ce, Anti daga 800 zuwa 1,300 ai guduwa za su yi. Wasu za su tafi, gaskiya ne. Sai ki duba masu sayar da irin naki, da girman nasu farantin, ba farashin kaɗai ba. In kin ga kasuwar ba za ta ɗauka ba, kada ki taɓa ladanki, ki koma kan tukunyar. Nama shi ya fi cin kuɗi. In cikin cefanen nan na 9,000 ne, kika yanka shi 36, kowane yanka 250 yake tsaya miki, don haka ranar da kika ƙara wa wata yanka ɗaya don kunya, ribar farantin nan gaba ɗaya ta tafi. Za ki iya ware shi, abinci da kuɗinsa, nama da kuɗinsa, mai son biyu ya biya biyu. Za ki iya yin ƙaramin faranti da babba. Ko ki riƙa karɓar oda tun dare, ki dafa daidai bukata, kwantai ya ragu. Abin da mutanen gida suka ci kuma, ki biya sana'a kuɗinsa daga kuɗin cefanen gida.

Kuɗin kai wa mutum abinci kada ki cusa shi cikin faranti, ki faɗe shi daban, domin nisan kowa daban ne. Kuma duk lokacin da shinkafa ko mai ko gas ya tashi, ki sake lissafin da farashin da za ki saya gobe, ko da kina da sauran na araha a ajiye.

Ki yi ƙirgar mako ɗayan nan, ki turo min lambobinki ta gefe mu duba tare.